Na samo folinom ɗin √2 + √3, me ya sa aka ce ban gama ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Garwa, ina shekara ta uku a lisans na lissafi. A jarrabawar aljebara an ce mu nemo ƙaramin folinom na α = √2 + √3 a kan Q. Na ninka α da kanta sau biyu, na samu x⁴ − 10x² + 1, na kuma nuna cewa 1 da −1 ba saiwoyinsa ba ne. Amsata ta yi daidai da ta gyara, amma rabin maki aka ba ni, aka rubuta cewa ban kawo hujja ba. Wace hujja ta rage? Kuma ga √2 + ∛3 a takardar tede ta gaba, wato ta atisayen aji, ban san ta ina zan kama ta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Wanda ya duba takardarki bai zalunce ki ba, kuma hanya mafi sauri da zan nuna miki haka ita ce in ba ki wata lamba ki yi mata irin aikin da kika yi. Ɗauki β = √(3 + 2√2). Ninka ta da kanta: β² = 3 + 2√2. Kwashe 3 zuwa hagu, ki sake ninkawa: (β² − 3)² = 8. Idan kika buɗe baka za ki samu β⁴ − 6β² + 1 = 0. Ga folinom x⁴ − 6x² + 1, kamar ƙanin naki. Saka 1 ko −1 a ciki, −4 ne zai fito, don haka shi ma ba shi da saiwa a cikin Q. Duk abin da kika rubuta a jarrabawa kin rubuta shi a nan. Sai dai wannan karon amsar kuskure ce, domin (1 + √2)² = 3 + 2√2, wato β ba kowa ba ce illa 1 + √2, kuma ƙaramin folinom ɗinta x² − 2x − 1 ne. Mai daraja 4 ɗin rabuwa yake yi:

x⁴ − 6x² + 1 = (x² − 2x − 1)(x² + 2x − 1)

Hujjar da ta kai mutum ga amsar gaskiya a lamba ɗaya, ta kai shi ga ta ƙarya a wata, ba hujja ba ce. Rashin saiwa a cikin Q yana nuna cewa babu gutsure mai daraja 1 kawai. A folinom mai daraja 2 ko 3 wannan ya wadatar, tunda duk yadda aka raba shi dole gutsure ɗaya ya zama mai daraja 1. Daga daraja 4 zuwa sama labari ya sauya, don 4 tana iya rabuwa 2 da 2.

Abin da ninkawa ta ba ki shi ne iyaka ta sama: darajar α ba ta wuce 4 ba. Abin da ya rage shi ne iyaka ta ƙasa, wato ki nuna cewa ba ta gaza 4 ba. Kusan kullum ta ƙasan ce ke da wuya, kuma ita ake ba wa maki.

Kafin mu je can, mu daidaita kan abin da ake nufi da daraja, don kalmar tana aiki a wuri biyu kuma haɗuwar wuraren biyu ita ce makamin namu. Fili tarin lambobi ne da ake tarawa, a debe, a ninka, a raba da duk abin da ba sifili ba, ba tare da an fita daga cikinsa ba. Q fili ne. Idan fili K yana cikin fili L, sai mu ce L faɗaɗawar K ne. Yanzu ki manta na ɗan lokaci cewa ana ninka lambobin L da junansu, ki riƙe tarawa da kuma ninkawa da lambobin K kaɗai. Abin da ya rage a hannunki sararin bekta ne a kan K, irin wanda kika sani tun shekarar farko. Yana da ginshiƙai, wato 'yan lambobin da kowace lamba ta L ke rubutuwa da su ta hanya ɗaya tak. Yawan ginshiƙan nan shi ne darajar faɗaɗawar, ana rubuta shi [L : K]. A Q(√2) kowace lamba a + b√2 ce, ginshiƙan su ne 1 da √2, daraja 2. A Q(∛3) ginshiƙan 1, ∛3 da ∛9 ne, daraja 3.

Ƙaramin folinom na α kuwa shi ne folinom m mafi ƙarancin daraja, mai lambobi daga K, mai 1 a gaban x ɗinsa na ƙoli, wanda m(α) = 0. Abu biyu nake so ki riƙe game da shi. Na farko, yana raba duk wani folinom P da ke ba da sifili a kan α. Dalilin rabawa ce mai saura: P = qm + r, darajar r ta gaza ta m, kuma saka α yana ba da r(α) = 0, abin da ba zai yiwu ba sai r ɗin sifili ne. Na biyu, idan darajar m ita ce n, to 1, α, α², har zuwa αⁿ⁻¹ ginshiƙan K(α) ne. Sun isa a rubuta komai, saboda m yana ba ki hanyar sauko da αⁿ zuwa ƙananan. Kuma babu wata dangantaka a tsakaninsu, don da akwai, da ta zama folinom mai daraja ƙasa da n da ke ba da sifili a kan α. Saboda haka

darajar m = [K(α) : K]

Wannan layin shi ke sauya tambayar. Maimakon ki yi kokawa da folinom kina neman nuna cewa ba ya rabuwa, sai ki je ki ƙirga ginshiƙan fili. Idan kin samu P mai daraja 4, mai 1 a ƙoli, da P(α) = 0, sannan kika nuna [Q(α) : Q] = 4, to m yana raba P, darajarsu ɗaya, dukansu da 1 a ƙoli, don haka m = P. Rashin rabuwar P ya zo miki kyauta.

Ƙirgan ginshiƙai kuma da dokar bene ake yin sa. Idan K yana cikin L, L yana cikin M, kamar hawa uku na gini ɗaya, to

[M : K] = [M : L] · [L : K]

Ina so ki san dalilinta, don wanda ya haddace ta kawai shi ne ke amfani da ita inda ba ta zauna ba. A ce u₁, …, u_r ginshiƙan L ne a kan K, v₁, …, v_s kuma ginshiƙan M ne a kan L. Ɗauki kowace lamba z ta M. Tana rubutuwa a matsayin c₁v₁ + … + c_s v_s, inda kowace c_j take cikin L. Kowace c_j kuma tana rubutuwa da u_i da lambobin K. Idan kika zuba wannan cikin wancan, z ta zama haɗin u_i v_j da lambobin K, kuma u_i v_j ɗin guda r·s ne. Saura a nuna babu dangantaka tsakaninsu. A ce wani haɗinsu ya ba da sifili. Tattara duk masu v₁ wuri ɗaya, masu v₂ wuri ɗaya, haka har ƙarshe. Abin da ke gaban kowace v_j lamba ce ta L, kuma tunda v_j ginshiƙai ne a kan L, dole kowanne ya zama sifili. Kowannensu kuma haɗin u_i ne da lambobin K, don haka lambobin K ɗin duka sifili ne. Ki lura da abin da hujjar ta dogara a kai: v_j su zama ginshiƙai a kan L, hawa na tsakiya, ba a kan K ba. Za mu dawo kan wannan, don nan ne ƙafa ta fi zamewa.

Yanzu α = √2 + √3. Aikin mataki biyu ne, kuma kowanne yana buƙatar a rubuta shi.

Mataki na farko, a nuna Q(α) = Q(√2, √3). Cewa Q(α) yana cikin Q(√2, √3) a fili yake. Ɗaya ɓangaren ne ke son lissafi. Lura cewa (√3 + √2)(√3 − √2) = 1, wato 1/α = √3 − √2. Tunda Q(α) fili ne, 1/α tana ciki. Tara su: α + 1/α = 2√3. Debe: α − 1/α = 2√2. Ke nan √2 da √3 duka suna cikin Q(α). Idan kin fi son hanyar da babu rabawa, α³ = 11√2 + 9√3, don haka α³ − 9α = 2√2. Hanyoyin biyu ma ɗaya ne, domin folinom ɗinki yana cewa α(10α − α³) = 1, kuma idan kika lissafa 10α − α³ za ki ga √3 − √2 ce ta fito.

Mataki na biyu, a gina benen: Q a ƙasa, Q(√2) a tsakiya, Q(√2, √3) a sama. Hawa na farko darajarsa 2, tunda x² − 2 ba shi da saiwa a Q. Hawa na biyu darajarsa 1 ce ko 2, saboda √3 saiwar x² − 3 ce. Za ta zama 1 idan √3 tana cikin Q(√2), 2 idan ba ta ciki. To a ce √3 = a + b√2, a da b daga Q. Ninka kowane gefe da kansa:

3 = a² + 2b² + 2ab√2

Tunda 1 da √2 ginshiƙai ne, dole ab = 0. Idan b = 0, to a² = 3, kuma √3 ba ta cikin Q. Idan a = 0, to 2b² = 3. Rubuta b = p/q, ki samu 2p² = 3q². Ƙirga sau nawa 3 ta shiga kowane gefe: a hagu adadin cika ne, a dama mara ne, don akwai 3 guda da ta ƙaru a kan na q². Ba zai yiwu ba. Saboda haka hawa na biyu 2 ne, [Q(α) : Q] = 2 · 2 = 4, kuma x⁴ − 10x² + 1 shi ne ƙaramin folinom. Ginshiƙan babban filin, kamar yadda hujjar dokar ta nuna, su ne 1, √2, √3, √6. Waɗannan layukan, da ba su kai rabin shafi ba, su ne rabin makin da kika rasa.

Ki koma kan β ki ga inda wannan hujjar take tsayawa. Benen shi ne Q, Q(√2), Q(β). Hawa na biyu 1 ne ko 2, kuma tambayar ita ce ko 3 + 2√2 murabba'in wata lamba ce ta Q(√2). Da kin zauna yin wannan binciken da kin gano cewa e, murabba'i ce, hawan ya zama 1, darajar ta zama 2. Hujja ta gaskiya ta bambanta α da β, wadda kika yi kuwa ba ta iya ba.

Tunda irin √(a + b√d) tana yawan fitowa a jarrabawa, ga gajeriyar hanyar bincike. A ce a + b√d = (x + y√d)², da b ba sifili ba. To a = x² + dy², b = 2xy, kuma a² − db² = (x² − dy²)². Ke nan sharaɗi na farko shi ne a² − db² ta zama murabba'i a Q, mu kira ta c². Idan ba ta zama ba, an gama, darajar 4 ce. Idan ta zama, sai a duba (a + c)/2 da (a − c)/2, domin x² dole ta zama ɗaya daga cikinsu. A 3 + 2√2, 9 − 8 = 1, c = 1, lambobin biyu su ne 2 da 1, kuma 1 murabba'i ce, sai x = 1, y = 1. Gwada da α ɗinki, wadda α² = 5 + 2√6. Nan ma 25 − 24 = 1, c = 1, amma lambobin su ne 3 da 2, babu murabba'i a cikinsu. Don haka α ba ta cikin Q(√6), kuma benen Q, Q(√6), Q(α) ya sake ba da 2 · 2 = 4. Wannan hujja ce ta biyu cikakkiya, ta ma fi ta farko gajarta, sai dai ta farkon ta fi koya wa hannu aiki.

Za ki iya tambaya me ya sa ba a yi amfani da gwajin Eisenstein ba, tunda shi ɗalibai ke fara jawowa. Gwajin, wanda Schönemann ya buga a 1846 kuma Eisenstein ya sake kawowa a 1850, yana son lambar firam p da ke raba duk lambobin folinom ban da ta ƙoli, kuma p² ba ta raba ta ƙarshe. Lambar ƙarshe a naki 1 ce, babu p da ke raba ta. Idan kika matsa x zuwa x + 1 za ki samu x⁴ + 4x³ − 4x² − 16x − 8, inda 2 ke raba komai ban da lambar ƙoli, amma 4 tana raba 8, gwajin ya faɗi. Faɗuwarsa kuma ba ta cewa komai, ba ta ce folinom yana rabuwa ba, ba ta ce ba ya rabuwa ba.

Ɗaya makamin da aka saba, wato a rage folinom da lambar firam a ga ko ya ƙi rabuwa a can, shi ma ba zai yi miki aiki ba a nan, kuma dalilin yana da daɗi. Folinom ɗinki yana rubutuwa ta fuska uku:

(x² − 1)² − 8x²
(x² + 1)² − 12x²
(x² − 5)² − 24

Idan 2 murabba'i ce bayan an rage da p, to 8 ma haka, fuska ta farko ta zama bambancin murabba'i biyu, ta rabu. Idan 3 ce murabba'i, ta biyu ta rabu. Idan 6 ce, ta uku. Kuma a kowace p, idan 2 da 3 duka ba murabba'i ba ne, to ninkinsu 6 murabba'i ce. Ke nan folinom ɗin yana rabuwa a kowace lambar firam, alhali a kan Q ba ya rabuwa. Da p = 7, misali, yana zama (x² − x − 1)(x² + x − 1). Na sha ganin takardun da ɗalibi ya gwada 2, 3, 5, 7, ya ga duk sun rabu, ya yanke cewa folinom ɗin yana rabuwa a Q. Gwajin hanya ɗaya yake tafiya: ƙin rabuwa a wata p guda hujja ce, rabuwa a dukansu ba hujja ba ce.

Sai ta takardar tede, γ = √2 + ∛3. Kada ki fara da ninka γ da kanta kina jiran abu ya fito, za ki cika shafi biyu. Ware saiwa ɗaya a gefe guda, ki kawar da ita. Wadda ta fi wuya ake fara warewa: γ − √2 = ∛3. Ninka sau uku:

γ³ − 3√2γ² + 6γ − 2√2 = 3

Tara masu √2 a dama:

γ³ + 6γ − 3 = √2(3γ² + 2)

Tsaya nan kafin ki ci gaba, don wannan layin ya fi folinom ɗin da za mu samu muhimmanci a wurina. Lambar 3γ² + 2 ba sifili ba ce, tunda γ lamba ce ta gaske kuma murabba'inta ba ya sauka ƙasa da sifili. Don haka √2 = (γ³ + 6γ − 3)/(3γ² + 2), wato √2 tana cikin Q(γ), kuma ∛3 = γ − √2 ita ma tana ciki. Mataki na farko ya kammalu tun ba mu neme shi ba. Yanzu ninka kowane gefe da kansa. Hagu yana ba da γ⁶ + 12γ⁴ − 6γ³ + 36γ² − 36γ + 9, dama yana ba da 18γ⁴ + 24γ² + 8. Debe:

P(x) = x⁶ − 6x⁴ − 6x³ + 12x² − 36x + 1

Kafin ki yarda da shi, gwada da kalkuleta. γ kusan 2.85646 ce, kuma idan kika saka za ki samu abin da bai kai 0.01 ba. Wannan ba hujja ba ce, amma yana kama kuskuren alama, wanda shi ne ya fi yawa a wannan mataki.

Iyakar sama 6 ce. Ta ƙasa a nan ta fi ta α sauƙi, duk da folinom ɗin ya fi ban tsoro. Kira n = [Q(γ) : Q]. Gina bene biyu. Na farko ya bi ta Q(√2), don haka n = [Q(γ) : Q(√2)] · 2, wato 2 tana raba n. Na biyu ya bi ta Q(∛3), wanda darajarsa 3 ce saboda x³ − 3 ba shi da saiwa a Q (nan Eisenstein ma yana aiki, da p = 3), don haka 3 tana raba n. Lambar da 2 da 3 ke rabawa, 6 tana raba ta. Ga n ba ta wuce 6 ba. Saboda haka n = 6, kuma P shi ne ƙaramin folinom. Ki yi tunanin wahalar da za a sha idan da hannu za a nuna cewa P ba ya rabuwa 1 da 5, ko 2 da 4, ko 3 da 3.

Wannan dabarar ta rabawa tana aiki ne kawai idan darajojin biyu ba su da abin da ke raba su tare. A √2 + √3 darajojin 2 da 2 ne, abin da za ta ba ki shi ne 2 tana raba n, shi ke nan, shi ya sa muka zauna muka nuna √3 ba ta cikin Q(√2). Da irin wannan rabawar ce kuma Pierre Wantzel ya rufe tsohuwar tambayar Girkawa a 1837. Duk tsawon da ake iya zanawa da rula marar lamba da kamfas yana zaune a saman bene da kowane hawansa 2 ne, don haka darajarsa tana raba wata 2ᵏ. Darajar ∛2 kuwa 3 ce, kuma 3 ba ta raba 2ᵏ, saboda haka ba a iya zana gefen kubu mai ninkin girman wani.

Na ce za mu dawo kan hawa na tsakiya. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya ɗauki darajar a a kan Q, ya ɗauki darajar b a kan Q, ya ninka, ya ce dokar bene. Dokar ba ta faɗi haka ba. Abin da take ninkawa shi ne darajar a a kan Q da darajar b a kan Q(a), kuma folinom da ba ya rabuwa a ƙasa yana iya rabuwa da zarar an hau sama. Ɗauki ∛2 da ω∛2, inda ω saiwar x² + x + 1 ce. Kowaccensu saiwar x³ − 2 ce, darajarta 3 a kan Q. Mai gaggawa zai ce 9. Amma a kan Q(∛2) folinom ɗin ya riga ya rabu:

x³ − 2 = (x − ∛2)(x² + ∛2·x + ∛4)

ω∛2 saiwar gutsure na biyu ce, kuma gutsuren ba ya ƙara rabuwa a can, tunda Q(∛2) duk lambobin gaske ne, saiwoyin gutsuren kuwa ba na gaske ba ne. Darajar 3 · 2 = 6 ce. Ninkin darajojin biyu a kan Q iyaka ce ta sama kawai.

Misalin nan yana kuma nuna dalilin da ya sa ba a tsallake mataki na farko, wato nuna cewa Q(a + b) ya cika Q(a, b). Tara lambobin biyu: ∛2 + ω∛2 = (1 + ω)∛2 = −ω²∛2, saboda 1 + ω + ω² = 0. Ninka sau uku ki samu −2. Jimlar saiwar x³ + 2 ce, darajarta 3, alhali filin da ta fito daga ciki darajarsa 6. Wanda ya ƙirga babban fili ya liƙa wa jimlar darajarsa zai je neman folinom mai daraja 6, kuma zai samu, sai dai (x³ + 2)² ne ko wani abu mai rabuwa irinsa. Abin da dokar bene ta tabbatar a irin wannan hali shi ne darajar jimlar tana raba darajar babban filin. Ko ta kai ta, sai an nuna.

Idan kina da PARI/GP a kwamfuta, kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet bayan an saka shi, kina iya duba aikinki a gida:

```
algdep(sqrt(2)+3^(1/3), 6)
polisirreducible(x^4-10*x^2+1)
factor(x^4-6*x^2+1)
```

Layi na farko zai dawo miki da P, na biyu zai ba da 1, ma'ana ba ya rabuwa, na uku zai fito da gutsure biyun da muka gani a farko. Ki sani `algdep` hasashe yake yi daga lambobin bayan ɗigo, kuma idan kika ba shi darajar da ta gaza ta gaskiya ba zai ce miki babu ba, zai kawo wani folinom mai manya-manyan lambobi da ya kusa sifili kawai. Girman lambobin shi ne alamar cewa ƙarya ne. Gwada shi da 4 a madadin 6 ki gani da idonki.

Idan kin gama ta teden, gwada √2 + ∛2 da kanki, tafiyar ɗaya ce da ta γ. Sannan ki gwada √2 + ⁴√2. A wannan ta ƙarshen darajojin 2 da 4 ne, amma √2 murabba'in ⁴√2 ce, don haka babban filin darajarsa 4, ba 8 ba. Darajar jimlar 1 ce, ko 2, ko 4, kuma aikinki shi ne ki kore biyun farko ta amfani da ginshiƙan 1, θ, θ², θ³, inda θ = ⁴√2.